Naɗar kira a wayar salula: me ya sa wata waya ke ɗaukar murya, wata kuma ta ƙi?

Wani maƙwabcina a Garwa, ɗan kasuwar wake ne, ya same ni wata rana bayan na taso daga makaranta, wayarsa a hannu, ransa a ɓace. Ya sayar wa wani abokin cinikinsa na Mubi buhu 40 na wake, kowane buhu sefa 18,000, jimilla sefa 720,000 ke nan. Mutumin ya ba da kafin alƙalami na sefa 300,000, saura 420,000. Da kaya suka isa sai ya turo 360,000, ya ce ya cire kuɗin mota, sefa 1,500 a kan kowane buhu, domin a cewarsa haka suka yi. Maƙwabcina ya rantse ba a yi haka ba. Hankalinsa a kwance yake da farko, tunda ya sa wata manhaja a wayarsa wadda ke naɗe duk kiran da ya yi.

Muka buɗe fayil ɗin muka saurara. Muryarsa na fita tas. Ana jin sa yana cewa "to", "babu damuwa", "Allah ya kai mu". Amma duk inda ya kamata a ji mutumin Mubi, sai shiru, sai wani ɗan kuwwa can ƙasa da ba a gane ko kalma ɗaya. Ya dube ni ya ce: "Malam, tsohuwar wayata ƙarama mai maɓalli tana ɗaukar kowa da kowa. Wannan da na saya da tsada me ya same ta?"

Wayar lafiyarta lau. Abin da ya faru da shi yana faruwa da mutane da yawa, musamman mu da cinikinmu da zumuncinmu ke tafiya ta waya tsakanin ƙasa da ƙasa. Kafin a gane dalili, sai an san hanyar da murya ke bi a cikin waya.

Hanyoyin murya guda biyu

Idan kana magana da wani a waya, sauti biyu ne ke tafiya a lokaci guda, kowane da hanyarsa. Na farko muryarka ce. Tana shiga ta makirufo, wato ɗan ramin nan da ke ƙasan waya, a mayar da ita lambobi, a tura ta zuwa turken kamfanin sadarwa. Na biyu muryar wanda kake magana da shi ce. Ita tana saukowa daga turke, ta shiga waya, ta fito ta ƙaramar lasifikar da kake karawa a kunne.

A kira na layi, wani sashe na musamman a cikin waya ne ke kula da waɗannan sautuka biyu, kuma ba kowace manhaja ke da ikon leƙa wannan sashe ba. Naɗi mai kyau shi ne wanda aka ɗauki sautukan biyu daga can ciki aka haɗa su a fayil ɗaya. Manhajar kira da kamfani ya sako a waya tun daga masana'anta tana iya samun wannan izini, domin ita 'yar gida ce. Manhajar da kai ka sauko da ita daga baya baƙuwa ce, ba a ba ta wannan izini.

Abin da ya rage wa baƙuwa shi ne makirufo. Tana iya jin muryarka sosai tunda bakinka na kusa. Muryar ɗayan kuwa sai ɗan abin da ya zubo daga lasifikar kunne ya iso makirufo, kuma ko shi ɗin waya na ƙoƙarin share shi. An ƙera ta ne ta riƙa goge duk sautin da ya fito daga lasifika ya koma makirufo, don kada wanda ke can ya riƙa jin amsa-kuwwar muryarsa. Wannan dabara mai amfani ita ce ta cinye muryar mutumin Mubi a fayil ɗin maƙwabcina.

Ƙaramar waya mai maɓalli ba ta da wannan matsala saboda babu baƙuwa a cikinta. Duk abin da ke ciki na kamfanin da ya ƙera ta ne, saboda haka idan ya sa mata naɗar kira, daga ciki take ɗauka.

Yadda aka riƙa rufe ƙofofi

A wayoyin Android na farko-farko, manhajoji da yawa suna iya kaiwa ga sautin kira kai tsaye. Kamfanin Google, mai Android, ya riƙa toshe wannan hanya kaɗan-kaɗan. A Android 6, wadda ta fito a 2015, an rufe babbar hanyar. Masu ƙera manhaja suka nemo wasu hanyoyi ta bayan gida, aka toshe mafi yawansu a Android 9 a 2018. Da Android 10 ta zo a 2019, sai aka hana manhaja ta gama-gari amfani da makirufo ma yayin da ake kira. Idan ta gwada, shiru take ɗauka.

Ƙofa ɗaya ta rage. Akwai wani izini da aka tanada domin manhajojin da ke taimaka wa makafi, kurame da sauran masu buƙata ta musamman. A allo ana rubuta shi Accessibility, a wayar da aka sa wa Faransanci kuma Accessibilité. Masu manhajar naɗar kira suka koma neman wannan izini. Daga ranar 11 ga Mayu 2022, Google ya haramta wa duk manhajar da ke shagonsa na Play Store amfani da wannan izini don naɗar kira, bisa hujjar cewa ba don haka aka yi shi ba. Wannan doka ba ta shafi manhajar kira da ta zo da waya ba.

Dalilan toshewar biyu ne manya. Na ɗaya leƙen asiri. Idan kowace manhaja za ta iya jin kiranka, to wasan yara ko fitilar da ka sauko da ita ma za ta iya, kuma duk wanda ya riƙe wayarka na minti biyar zai iya dasa maka abin da zai riƙa tura masa hirarrakinka. Na biyu doka. Waya ɗaya ake sayarwa a ƙasashe fiye da ɗari, kuma abin da ya halatta a wata ƙasa laifi ne a wata. Kamfanoni sun ga ya fi musu sauƙi su kashe abin, ko su sa masa sanarwa, da su shiga shari'a.

Kowace waya da halinta

Wayoyin Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, su ne suka fi yawa a kasuwanninmu. Da yawa daga cikinsu suna zuwa da manhajar kira ta kamfanin, mai maɓallin naɗi a kan allon kira. Wasu kuma suna zuwa da manhajar kira ta Google, kuma a nan ne masu saye kan yi mamaki. Ita ta Google, da zarar ka danna naɗi, sai wata murya ta sanar da ku duka biyu cewa ana naɗar kiran, ta kuma sake sanarwa idan an tsayar. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi. Bugu da ƙari, ba a kowace ƙasa maɓallin ke fitowa ba. Ya danganta da ƙasar da kake, da layinka, da kuma samfurin wayar, don haka mutum na iya ganin maɓallin a wuri ɗaya, ya sauya layi a wata ƙasa ya neme shi ya rasa.

A Samsung, abin ya fi dogara da kasuwar da aka ƙera wayar dominta. Kowace waya na ɗauke da alamar yankin da aka nufa da ita a cikin tsarinta. Shi ya sa za ka ga mutum biyu da waya iri ɗaya sak, ta ɗaya na naɗa, ta ɗayan ba ta yi. Sau da yawa idan aka bincika, wadda ba ta yi ɗin ta hannu ce da aka shigo da ita daga Turai. Ga mu da kasuwar wayoyin gwanjo ta fi ƙarfi a wurinmu, wannan shi ne dalilin da aka fi cin karo da shi.

Ita kuwa iPhone, shekara da shekaru ba ta naɗar kira kwata-kwata, kuma ba ta barin wata manhaja ta taɓa sautin kira. Sai a watan Oktoba 2024, da fitowar iOS 18.1, kamfanin Apple ya sako abin. Shi ma da sanarwa yake zuwa ga ɓangarorin biyu, kuma fayil ɗin na zama a cikin manhajar Notes. Lokacin da aka fito da shi, ba a buɗe shi a ƙasashen Tarayyar Turai ba, haka ma a wasu ƙasashe da suka haɗa da Nijeriya da Saudiyya.

Kiran WhatsApp wani babi ne daban. Shi ba ta hanyar kiran layi yake bi ba, ta intanet yake tafiya, kuma ita manhajar ce ke riƙe da makirufo har a gama. WhatsApp ba ta da maɓallin naɗar kira, kuma maɓallin da ke manhajar kira ta waya bai shafe ta ba. Masu gwada naɗar allo yayin kiran galibi hoto suke samu babu sauti, ko kuma muryar mutum ɗaya.

Gwajin minti uku

Kuskuren maƙwabcina shi ne ya dogara da naɗin da bai taɓa saurara ba. Wata da watanni manhajar na tara masa fayiloli, shi kuwa ganin jerinsu kawai ya ishe shi. Ga abin da muka yi a ranar, kuma kowa zai iya yi.

Da farko ka duba ko manhajar kira ta wayarka na da abin. Ka buɗe ta, ka danna ɗigo uku da ke sama, ka shiga Settings ko Paramètres, ka nemi Call recording ko Record calls. A Faransanci za ka ga rubutu mai kalmar Enregistrement ko Enregistrer. Wata hanyar ita ce ka kira wani, bayan ya ɗauka ka duba allon ko akwai Record ko Enregistrer. A wasu wayoyin sai ka danna maɓallin ƙarin zaɓi kafin ya fito. Idan babu shi a wuraren nan biyu, to wayarka ba ta da shi, kuma da wuya wata manhaja daga waje ta ba ka abin da ya kai shi.

Idan akwai, sai ka kira wani na gida, ka gaya masa gwaji kake yi. Ku yi kira uku, kowane na minti ɗaya. Na farko waya a kunne, na biyu a buɗe lasifika, na uku da abin sawa a kunne, mai igiya ko marar igiya. A kowane kira ka sa shi ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma, kai ma ka ƙirga. Daga nan ka saurari fayilolin uku.

Abin da ka ji zai gaya maka inda matsala take. Idan muryoyin biyu sun fita daidai a duka ukun, wayarka daga ciki take ɗauka, ba ka da matsala. Idan muryarka kaɗai ke fita a na farko, amma a na biyu ana jin ku duka, to ta makirufo ake ɗauka, kuma naɗinka ba zai yi amfani ba sai ka buɗe lasifika a wuri marar hayaniya. Idan fayil ɗin na da tsawo amma shiru ne daga farko har ƙarshe, tsarin wayar ne ya hana manhajar jin komai. Idan naɗin ya yanke a tsakiya, ko dai ma'ajiyar waya ta cika, ko tsarin tattalin batir ya kashe manhajar. Akwai kuma wayoyin da ba sa naɗa idan kiran na bi ta Wi-Fi, ko idan an haɗa mutum uku a layi ɗaya.

Batun wuri ba abin tsoro ba ne. Ƙananan wayoyi kan yi amfani da tsarin da ke cin ƙasa da kilobait 100 a minti ɗaya, wato wajen megabait 5 zuwa 6 a awa guda. Manyan wayoyi masu ɗaukar sauti mai kyau kan ci daga rabin megabait zuwa megabait ɗaya a minti. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka san inda fayil ɗin yake. A wasu wayoyin yana cikin ma'ajiya, a jakar da ake rubuta wa Recordings ko Call. A manhajar Google kuwa yana maƙale ne da tarihin kiran a cikin ita manhajar, don haka idan ka goge bayananta ko ka mayar da waya sabuwa, ya tafi.

Hattara da masu gyaran da za su ce za su sa maka wata manhaja daga wajen Play Store wadda ke naɗa ba tare da sanarwa ba. Irin waɗannan manhajoji yawanci izinin Accessibility suke nema, kuma wannan izini na ba manhaja damar karanta abin da ke kan allonka, har da saƙonnin kuɗi da lambobin sirri da ake turo maka. Wanda ke ajiye jarinsa a asusun waya bai kamata ya ba manhajar da bai san mai ita ba wannan dama don kawai ya naɗi kira ba. Idan wayarka ba ta naɗa, hanya mafi aminci ita ce tsohuwar dabara: ka buɗe lasifika, ka ajiye wata waya a gefe tana ɗaukar sauti.

Abin da doka ta ce

A ce ma fayil ɗin maƙwabcina ya fita tas. Da sauran magana, domin mutumin Mubi bai san ana naɗarsa ba. Dokokin duniya a kan wannan sun kasu kashi biyu. Wasu na cewa idan kana cikin masu maganar, yardarka kai kaɗai ta isa. Wasu na cewa sai kowa ya yarda. A Amurka ma dokar tarayya na bin ra'ayi na farko, amma jiha kamar Kalifoniya na bin na biyu.

A Faransa, inda danginmu da yawa ke zaune, sashe na 226-1 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya da tarar yuro 45,000, wato sama da sefa miliyan 29, ga wanda ya keta sirrin rayuwar wani ta hanyar naɗa ko watsa maganar da ya yi a keɓe ba tare da yardarsa ba. Sashen ya ƙara da wani abu mai amfani: idan an yi naɗin a gaban idon mutum, ya sani, yana da ikon hanawa bai hana ba, ana ɗauka ya yarda.

A Kamaru, dokar tsaron intanet ta ranar 21 ga Disamba 2010 ta bi irin wannan salo. Sashe na 74 ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyu da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 ga wanda ya naɗa ko ya watsa bayanan lantarki na sirri na wani ba da yardarsa ba. Maƙwabcina a Garwa yake zaune, wannan ce dokar da ke kansa.

A Gana, Kotun Ƙoli ta yi hukunci a 2018 a kan wata shari'ar fili da aka ɗauko daga wata ƙaramar kotu a Sunyani. Mai ƙara ya naɗi hirarsa ta waya da wani a ɓoye, ya so ya gabatar da ita a matsayin hujja. Kotun ta ce yin hakan ya saɓa wa sashe na 18(2) na tsarin mulkin ƙasar na 1992, wanda ke kare sirrin sadarwa, ko da kuwa mai naɗin yana cikin hirar. Ta kuma ƙi yarda a yi amfani da naɗin a wannan shari'ar. Tunanin kotun shi ne, wanda ya ɗauki waya ya yarda ne ka ji shi, bai yarda ka adana muryarsa ba.

A Nijeriya, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci hirar waya a cikin abubuwan da ake kare sirrinsu. Dokar hujjoji ta 2011 kuma ta ba alƙali damar karɓar hujja ko da an same ta ta hanyar da ba ta dace ba, bayan ya auna amfaninta da illarta, sannan sashe na 84 ya gindaya sharuɗɗan gabatar da hujjar da ta fito daga na'ura.

Tambayoyi biyu ne a nan da mutane ke haɗawa. Ta farko: na yi laifi da na naɗa? Ta biyu: kotu za ta saurari abin da na naɗa? Amsar ɗaya ba ta zama amsar ɗaya. Kotu na iya karɓar naɗin, amma wanda aka naɗa ya juyo ya kai ka ƙara. A kira irin na maƙwabcina kuma, mai kira na Kamaru, mai amsawa na Nijeriya, kowane da dokar ƙasarsa. Maimakon mutum ya tsaya lissafin wacce za ta yi aiki, ya fi sauƙi ya bi wadda ta fi tsanani. Idan ka sanar kuma aka yarda, ka kauce wa babbar matsalar a ko'ina.

Yadda ake neman yarda ba tare da ɓata ciniki ba

Da na gaya wa maƙwabcina haka sai ya ce: "Malam, in na ce wa mutum zan naɗe shi, ai kamar na ce masa maƙaryaci ne." Wannan damuwa ce ta gaske, domin cinikinmu a kan amana yake tafiya. Amma ya danganta da yadda aka faɗa da kuma lokacin da aka faɗa. Babu buƙatar naɗar gaisuwa da tayi da ja-in-ja. Sai an daidaita sannan ka ce: "Alhaji, kai ka san yawan lissafi, ina mantuwa. Ka yarda in danna naɗi mu maimaita abin da muka tsayar, in turo maka kai ma ka ajiye?"

Idan ya amince sai ka danna, ka fara da sake tambayar a cikin naɗin, don yardarsa ta shiga fayil ɗin da bakinsa. Daga nan ka faɗi ranar, ka faɗi sunanka, shi ma ya faɗi nasa. Sai ka jero maganar ɗaya bayan ɗaya: buhu 40, kowane sefa 18,000, jimilla 720,000, an karɓi 300,000, saura 420,000, kuɗin mota a kan mai saye, za a biya kwana uku bayan isar kaya. A kan kowace gaɓa ka bari ya amsa da cikakkiyar magana, ya maimaita adadin, kada ya tsaya a "to" kawai. Ku kuma ambaci irin kuɗin, sefa ko naira, domin a bakin iyaka "dubu goma sha takwas" na iya nufin abu biyu. Duk wannan bai wuce minti biyu ba. Da sun yi haka, da gaɓar kuɗin mota ta fito fili tun kafin a ɗora kaya, kuma da sefa 60,000 ba ta shiga tsakaninsu ba.

Bayan an gama, ka tura masa fayil ɗin. Na asalin kuma ka bar shi a wayar da ta ɗauka, kada ka yanke shi, kada ka sauya masa suna, domin naɗin da aka taɓa yana da sauƙin musantawa. Ka ajiye kwafi a wani wuri dabam saboda ɓatan waya. Idan mutum ya ce bai yarda ba, kada ka naɗa a ɓoye. Ka rubuta masa sharuɗɗan a saƙo, ko ka tura saƙon murya, ka nemi ya amsa. Wanda ya turo saƙon murya da kansa ya san ya bar muryarsa a wayarka.

Akwai yanayin da ba a neman izini, kamar wanda ake kira ana yi masa barazana ko ana neman kuɗin fansa. Mai irin wannan matsala ya adana abin da ya samu ya kai wa 'yan sanda ko jandarma ko lauya, kada ya saka shi a zaurukan WhatsApp.

Yarda da naɗi daban, yarda da watsawa daban

Mafi yawan ɓarnar da naɗar kira ke yi a cikinmu ba a kotu take faruwa ba, a zaurukan sada zumunta ne. Hirar miji da mata, ta abokai biyu a kan siyasa, ta wanda ya kira yana neman rance, sai a wayi gari tana yawo daga Marwa har Kumasi. Magana zarar bunu ce tun can, balle yanzu da ake iya tura ta ga mutum ɗari a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya yarda ka naɗi lissafin wake ya yarda ne don lissafin wake. Dokokin Faransa da Kamaru da aka ambata duk sun haɗa da watsawa, ba naɗi kaɗai ba.

Wannan ne ya sa barin waya tana naɗar kowane kira da kanta ke da haɗari. Cikin shekara guda za ka tara muryoyin iyayenka, matarka, likita da abokan aiki, babu wanda ya sani a cikinsu. Ranar da waya ta je wurin mai gyara, ko aka sace ta, ko ka sayar ba ka goge ba, duk sun fita daga hannunka. Gara ka kashe naɗin kai-tsaye, ka riƙa dannawa sai lokacin da ake buƙata, ka kuma goge fayil idan an gama biyan kuɗi.

Mutane kan tambaya ko akwai yadda za su gane ana naɗarsu. In dai ba sanarwa ko wata ƙara ka ji ba, babu tabbatacciyar alama. Amsa-kuwwa da ƙarar layi ba hujja ba ce, rashin ƙarfin sabis ma na kawo su. Wanda ya buɗe lasifika ya ajiye wata waya a gefe kuwa, babu na'urar da za ta gaya maka. Idan maganar mai nauyi ce, kana da damar tambaya kai tsaye ko ana naɗa, ka kuma faɗa a fili cewa ba ka yarda ba.

Shi dai maƙwabcina, dattawan kasuwa ne suka shiga tsakani aka raba sefa 60,000 ɗin biyu, kowa ya ɗauki rabi. Ya cire waccan manhaja a ranar. Da muka duba, ashe manhajar kira da ta zo da wayarsa tana da maɓallin naɗi, mai sanarwa, bai taɓa lura da shi ba. Da shi yake amfani yanzu idan an zo maimaita lissafi.